Godiyar da Ba Ta San Sunan Kowa Ba

Akwai wani saƙo da ke yawo a ma'aikatunmu, kuma na tabbata mai karatu ya taɓa karɓarsa, idan ma ba shi ya aika ba. Yakan zo ne kwana ɗaya ko biyu bayan an kammala wani aiki da ya hana mutane barci. Yana farawa da miƙa godiya ga ɗaukacin ma'aikata bisa jajircewa da sadaukarwa da namijin ƙoƙarin da suka nuna, ya ratsa ta kan ƙalubalen da aka fuskanta, ya ambaci aiki kafaɗa da kafaɗa ba dare ba rana, sannan ya rufe da fatan za a ƙara zage damtse a gaba. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinsa. Duk da haka ina da'awar cewa irin wannan saƙo ya fi shiru muni, domin shiru yana barin ma'aikaci da zaton cewa shugabansa ya ga abin da ya yi, bai dai samu sukunin magana ba. Saƙon gama-gari kuwa yana kawar da wannan zato, ya tabbatar masa cewa an duba, kuma ba a gan shi ba.

Ba daga nesa nake wannan suka ba. Ni ma na rubuta irinsa, kuma wani dattijo ya kunyata ni a kansa. Bari in ba da labarin, domin a cikinsa hujjata take.

A watan Fabrairun 2023 ina kula da sashen bugu a wata ƙaramar maɗaba'a a Kano. Muka karɓi aikin littafin karatun Hausa na 'yan firamare, kwafi 30,000, kowane mai shafi 64, a kan za mu miƙa shi cikin kwana 18. Wanda ya zauna a Nijeriya a wannan wata ya san halin da ake ciki. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, an matsar da wa'adin tsofaffin daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma sun yi wuyar gani. Ga layin mai a gidajen mai, ga zaɓen 25 ga Fabrairu yana ƙaratowa, kowace maɗaba'a ta cika da hotunan 'yan takara. Mu 23 ne a kan aikin: ma'aikatan dindindin 14, da masu naɗi da ɗinki 9 da ake sallama kullum da yamma, kuɗi a hannu, a lokacin da kuɗi a hannu ya zama abin nema.

Littafi mai shafi 64 ana buga shi ne kashi huɗu, kowane kashi shafi 16 a kan babbar takarda ɗaya, gaba da baya, sannan a naɗe, a harhaɗa, a ɗinke, a yanke gefe. A rana ta tara, mai duba rubutunmu ta zaro takarda ɗaya daga cikin tarin kashi na uku, ba don an sa ta ba, ta ga haruffa masu lanƙwasa sun ɓace. An canza nau'in harafi a kashin nan, kuma sabon ba ya ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya bar gurbinsu fayau. Littafin koyon karatu ne, kuma mun riga mun buga takarda 8,000, wato rim 16. Wanda ya sa hannu aka yi farantin bugun ba tare da an jira dubawar ƙarshe ba, ni ne, saboda gaggawa. Gyaran wannan kuskure ya ci mana dare shida. Mun miƙa aikin a ranar da muka yi alkawari.

Washegari na zauna na rubuta saƙon da na siffanta a sama, na tura a zauren ma'aikata na WhatsApp. Amsoshi suka yi ta shigowa, «Mun gode, Oga», «Allah ya ƙara ɗaukaka». Na ji na sauke nauyi. Da la'asar ina wucewa ta gaban injin yanka, sai dattijon da ke riƙe da shi, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya tsayar da ni. Ya ce, «Malam, saƙon nan da ka aiko, ashe ba shi ne na aikin kalandar bara ba?» Na ce, «A'a Baba, sabo ne.» Ya ce, «To, Allah ya ba da lada. Na ga kamar na san shi ne.» Da na koma ofis na nemo na bara, sai na tarar bambancinsu bai wuce sunan aikin da kwanan wata ba.

Ma'aunin da Baba ya ba ni

Daga ranar nan nake auna kowace wasiƙar godiya da tambaya ɗaya: idan aka ɗauke ta aka aika wa ma'aikatan asibiti, ko na kamfanin gine-gine, ko na gidan rediyo, kalma nawa za a canza? Idan amsar ita ce biyu ko uku, to wasiƙar ba ta gode wa kowa ba. Kalmomi irin su jajircewa da sadaukarwa ba su da laifi a karan kansu. Matsalarsu ita ce sun zama kamar rigar aro da ke shiga jikin kowa, kuma mutum yana iya furta su ba tare da ya taɓa leƙa ɗakin aiki ba. Ma'aikaci ya san haka. Abin da yake nema a saƙon shugabansa shi ne shaidar gani, wato wani abu da ba zai iya fitowa daga bakin wanda bai halarci wahalar ba.

Abin takaicin shi ne mun gaji hanyar da ta fi wannan, muka ajiye ta a ƙofar ofis. Idan Bahaushe ya gama biki ko suna, yakan bi gidajen waɗanda suka tsaya masa ya yi musu ban gajiya. A can ba a jawabi ga ɗaukacin jama'a. Ana cewa da wannan sannu da tsayuwa a kan tukwane tun asuba, a ce da wancan sannu da jigilar baƙi daga tasha. Kowa da abin da aka gan shi yana yi. Kuma mai biki ne ke taka ƙafa ya je, ba ya aika sanarwa. Mutumin da ya iya wannan a unguwarsu, idan ya zauna kan kujerar manaja sai ya koma harshen sanarwar ma'aikatar gwamnati, yana zaton shi ne harshen girma.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a ambaci mutum, a ambaci abin da ya yi, a kuma faɗi abin da zai faru da bai yi ba. Wannan na ukun shi aka fi mantawa, alhali shi ne ke nuna cewa mai godiya ya fahimci darajar aikin. In ce wa mai duba rubutu ta yi ƙoƙari, ban ce komai ba. In ce mata ta zaro takarda a rana ta tara, na nuna na gani. Amma in ce mata ba don ita ba da sauran takarda 22,000 na kashin nan sun bi sahun 8,000 na farko, da kuma yara sun karɓi littafin da kalmar ɗaki ta koma aki a cikinsa, a nan ne ta san na auna abin da ta tsare mana.

Ƙalubale ba shi da uwa ba shi da uba

Sharaɗi na biyu ya fi ɗaci, kuma a kansa shugabanni suka fi zamewa. Aikin da ya zama mai tsanani yakan kasance da dalili, ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci dalilin daga waje yake, kamar ƙarancin kuɗi da mai. Sau da yawa kuwa daga sama yake: an karɓi wa'adin da bai isa ba, an tsallake wani mataki, an ƙi ɗaukar ƙarin hannu. Kalmar ƙalubale tana haɗa waɗannan duka a kwando ɗaya ta mai da su kamar ruwan sama da ya sauka a kan kowa. Ma'aikatana sun san sarai wanda ya sa hannu a kan farantin nan. Da na rubuta cewa mun fuskanci ƙalubale, abin da suka karanta shi ne ina neman su taya ni rufe laifina, kuma ina biyansu da yabo.

Godiyar da za a gaskata dole ta faɗi abin da aikin ya ci wa mutane, da sunansa. Dare shida ba a gida ba. Kuɗin sallama da ya makara kwana uku ga masu naɗi, waɗanda da shi suke cefanen gobe. Idan kuma wani ɓangare na wahalar daga hannun mai rubutun ya fito, ya faɗa a jimla ɗaya madaidaiciya, ya faɗi abin da zai canza, ya wuce. Jimla ɗaya na ce, domin akwai wani tarkon a nan. Shugaban da ya cika sakin layi uku yana bayanin nadamarsa da matsin da shi ma ya shiga, ya mai da wasiƙar ta zama tasa, ya kuma ɗora wa ma'aikata aikin lallashinsa.

A kula kuma da amsar da za a samu. Idan ka tambayi Bahaushe ina gajiya, ba gajiya zai ce, ko da ƙafarsa ta kumbura. Wannan ladabi ne, kuma shugaban da ya ɗauke shi a matsayin rahoto ya yaudari kansa. «Mun gode, Oga» ashirin da na samu a zaure ba su auna komai ba.

Godiya da bashi

Sharaɗi na uku shi ne kada godiya ta tsaya a gurbin haƙƙi. Idan akwai kuɗin ƙarin lokaci da ba a biya ba, ko hutun da aka yi alkawari, ma'aikaci yana karanta wasiƙar ne yana neman layin da ya yi maganarsu. Idan bai gani ba, duk yabon da ke ciki sai ya zama masa alamar cewa da shi za a sallame shi. Don haka a saka rana da adadi, kuma kada a saka sai an tabbatar daga wurin mai biya, domin kyan alkawari cikawa. Idan babu kuɗin a lokacin, a faɗi haka ƙarara, a faɗi ranar da za a dawo da magana.

Haka nan a cire jimlar nan ta ƙarshe mai cewa ana fatan za a ƙara zage damtse. Ita ce ke tona asirin saƙon gama-gari, domin tana nuna cewa godiyar share fage ce ga buƙata ta gaba. Wanda ya je ban gajiya ba ya cewa, af, ga kuma bikin ƙanwata wata mai zuwa. Maganar aiki na gaba tana da ranarta da takardarta.

Ga abin da na sake rubutawa bayan kwana biyu, da na zauna da takardar halarta na kuma tambayi shugaban kowane sashe abin da ya faru a daren da ba na nan. A wasiƙar ta ainihi kowa da sunansa, a nan na sa aikinsa a madadin suna.

«Assalamu alaikum. Saƙon da na aiko shekaranjiya bai faɗi abin da ya kamata ba, shi ya sa na sake.

«Littafin nan ya fita ranar da muka ce, amma dare shida daga cikin wahalarsa ni na jawo su. Na sa hannu a kan farantin kashi na uku ban jira dubawar ƙarshe ba. Daga yau ba farantin da za a yi sai da sa hannun mai duba rubutu, ko da ni ne nake gaggawa.

«Malama mai duba rubutu, ke kika zaro takardar nan a rana ta tara ba wanda ya sa ki. Ba don ke ba da 30,000 muka lalata, ba 8,000 ba. Masu injin bugu, ku biyu kuka raba dare tsakaninku don kada inji ya tsaya, kuma na san ɗayanku yana da mara lafiya a gida. Baba mai injin yanka, kai ka ce a fara harhaɗa kashi na ɗaya da na biyu kafin na uku ya fito, wannan shawara ta rage mana kwana guda. Direba, ka kwana biyu a layi kafin ka samo man janareta. Masu naɗi da ɗinki, ku tara, sallamarku ta makara kwana uku saboda ba mu samu kuɗi a hannu ba, kuma ba wanda ya fasa zuwa a cikinku. Na san abin da kwana ukun nan suke nufi a gida.

«Kuɗin dare shida zai shiga ranar Juma'a, na tabbatar da haka daga mai kamfani. Duk wanda ya yi kwanan zai ɗauki hutun kwana biyu, ya zaɓi ranakunsa da kansa. Sannunku da gajiya. Na gode.»

Ba ta fi ta farko tsawo da yawa ba. Babu jajircewa a ciki, babu sadaukarwa, amma duk wanda ya karanta ya ga su. Masu naɗi kuma da yawansu ba sa cikin zauren, don haka na je na same su da safe na faɗa musu da baki. Wannan ma darasi ne: saƙon farko bai ko isa ga waɗanda suka fi shan wuya ba, kuma ban lura ba.

Abin da masu kare saƙon gama-gari ke cewa

Suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce ambaton suna yana haifar da hassada, kuma wanda aka manta zai fi jin zafi fiye da a ce ba a ambaci kowa ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai maganinsa shi ne a yi aikin da zai hana mantuwa. Kada a rubuta daga ƙwaƙwalwa, domin ƙwaƙwalwar shugaba tana riƙe waɗanda ke shigowa ofishinsa ne, tana zubar da mai gadi da mai shara da mai jigila. A ɗauki takardar albashi ko ta halarta, a bi ta suna bayan suna, a tambayi kai me wannan ya yi. Inda aka rasa amsa, a je a tambaya. A maɗaba'armu wannan ya ɗauke ni kusan awa biyu. Wanda ya ce ba shi da awa biyu ga mutanen da suka ba shi dare shida, ya riga ya faɗi matsayinsu a wurinsa. Idan kuma jama'ar ta kai ɗari, ba mai iya ambaton kowa, sai babban shugaba ya ambaci sassa da abin da kowane ya yi, shugabannin sassa kuma su ambaci mutanensu.

Hujja ta biyu ita ce kunya. Akwai waɗanda yabo a gaban jama'a ke takura wa, akwai kuma abin da bai dace a baza a zaure ba. Na yarda, har ma na yi tuntuɓe a nan. Maganar mara lafiya da na saka a wasiƙata, ko da ban fayyace wanne daga cikin su biyun ba, da na sake tunani ba wurinta ba ne, sirrin gidan mutum ne, kamata ya yi in faɗa masa mu biyu. Ƙa'idar da na riƙe tun daga nan ita ce abin da mutum ya yi a wurin aiki ana iya faɗarsa a gaban abokan aiki, abin da aikin ya ci masa a gida kuwa a same shi shi kaɗai. Amma kunya ba ta taɓa hana Bahaushe jin daɗin a san ƙoƙarinsa ba. Abin da ta hana shi ne ya nema da bakinsa, kuma wannan ne ma ya sa nauyin ya koma kan shugaba.

Hujja ta uku ita ce amsa laifi yana zubar da girman shugaba. A ganina an juya lissafin. Ma'aikata sun riga sun san laifin, abin da ba su sani ba shi ne ko shugaban ya sani, kuma ko zai maimaita. Mai duba rubutunmu ta gaya mini daga baya cewa jimlar da ta fi yi mata amfani a wasiƙar ba yabonta ba ce, ita ce wadda ta ce ba za a sake yin faranti ba sai da sa hannunta. Yabo ya ƙare a ranar, ƙa'idar kuwa ta canza yadda take aiki kullum.

Dole in faɗi iyakar abin. Wasiƙa, komai kyanta, ba ta gyara ma'aikatar da kowane aiki a cikinta gobara ne. Idan wata uku bayan haka aka sake karɓar wa'adin da bai isa ba, aka sake kwana shida, to wasiƙa ta biyu mai cike da sunaye za ta zama abin dariya fiye da ta gama-gari, domin ta nuna shugaban yana gani sarai kuma bai damu ba. Godiya ta gaskiya tana ɗaure mai yinta. Wataƙila wannan ne ainihin dalilin da ya sa aka fi son ɗaya saƙon: ba ya jawo wa marubucinsa komai, ba ya tilasta masa tambaya, ba ya sa shi amsa laifi, ba ya ɗora masa ranar biya.

Ranar Juma'ar da kuɗin ya shiga na sake wucewa ta gaban injin yanka. Baba bai ce komai game da wasiƙar ba. Ya ɗago kai ya ce, «Malam, hutun nan, Litinin da Talata nake so.» Na ce an ba shi. Ya koma kan aikinsa.